Baƙin akwati ba ya goge suna a takardar PDF

A daren 4 ga Maris 2005, sojojin Amurka da ke tsare da wani shinge a kan hanyar filin jirgin saman Bagadaza suka buɗe wuta a kan wata mota. A cikinta akwai Giuliana Sgrena, 'yar jaridar Italiya da aka sako bayan ta shafe wata guda a hannun masu garkuwa, da Nicola Calipari, jami'in leƙen asirin da ya je ya karɓo ta. Calipari ya mutu nan take. A ƙarshen Afrilu rundunar Amurka ta saka rahoton bincikenta a intanet a matsayin fayil ɗin PDF, an bi wurare da yawa an lulluɓe da baƙi: sunayen sojojin da ke shingen, da bayanin yadda suke tsare hanya, da sauran abin da ba a so ya fita.

Ba a daɗe ba wasu masu karatu a Italiya suka zaɓi rubutun gaba ɗaya, suka kwafa, suka liƙa a wani shafi fari. Duk abin da aka rufe ya bayyana, har sunan sojan da ya yi harbin. Jaridun Italiya suka buga cikakken rahoton. Babu wanda ya yi kutse, babu wanda ya fasa lambar sirri. Sunayen suna nan zaune cikin fayil ɗin tun ranar da aka fitar da shi, baƙin kawai ya tare wa ido su.

A watan Disamba na shekarar, hukumar NSA ta Amurka ta fitar da jagora kan yadda ake tsaftace takarda kafin a mai da ita PDF. Amma kuskuren bai mutu ba. A Janairu 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban kamfen ɗin Donald Trump, suka miƙa wa kotu takarda mai baƙaƙen layuka. 'Yan jarida suka kwafa suka liƙa, sai ga zargin masu gabatar da ƙara cewa Manafort ya ba Konstantin Kilimnik bayanan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a na zaɓen 2016. Idan soja da manyan lauyoyi za su faɗa wannan rami, to sakataren kwamiti, da magatakardar kotu, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan jaridar da ke son kare majiyarsa duk suna bakinsa. Kuma a wajenmu sunan da ya fita yakan zama na wanda ba shi da ƙarfin kare kansa: yarinyar da ta kai ƙarar cin zarafi, ko ƙaramin ma'aikacin da ya tona asirin almundahana.

Yadda shafin yake daga ciki

Mutane da yawa suna ɗaukar PDF a matsayin hoton takarda. Ba haka yake ba. Shafin PDF jerin umarni ne da manhaja ke bi ɗaya bayan ɗaya: rubuta wannan a nan, ja layi a can, zuba launi a wancan wuri. Abin da aka zana daga baya shi ke hawa kan na farko. Ga misalin yadda cikin shafi yake idan an rubuta suna sannan aka ɗora masa baƙin akwati:

```
BT /F1 12 Tf 72 700 Td (Wane Dan Wane) Tj ET
0 0 0 rg
70 696 90 16 re f
```

Layin farko yana cewa a rubuta sunan da haruffa masu girman 12 a wani wuri a saman shafi. Na biyu ya ce a ɗauki baƙin launi. Na uku ya ce a zana akwati mai tsawon 90 da tsayin 16 a daidai wurin, a cika shi. Ido zai ga baƙi kawai, firinta ma baƙi za ta fitar. Amma layin farko bai je ko'ina ba. Manhajar da ke kwafar rubutu, ko mai neman kalma, ko wadda ke karanta wa makafi shafi da murya, ba ruwansu da akwatin, layin farko suke karantawa.

Bambancin kamar na almajirin da ya ɗora tafin hannu a kan rubutun allonsa ne da wanda ya wanke allon. Abin da ake bukata a nan wanki ne: a cire layin farkon daga fayil ɗin gaba ɗaya, sannan a zana akwatin don mai karatu ya san an cire wani abu a wurin.

Da wannan za a gane dalilin da ya sa dabarun da aka saba da su duk ba sa aiki. Zana akwati a kan suna a Word kafin a mai da takardar PDF, ko bin sunan da baƙin alƙalamin haskaka rubutu, ko mai da launin haruffan fari don su saje da takarda, ko yanke gefen shafi da abin da ake kira Crop, duka suna canza abin da ake gani ne, ba abin da ke ajiye ba. Yanke gefen shafi ma a mafi yawan manhajoji rage girman tagar kallo ne kawai. Wanda ya mayar da tagar yadda take zai ga abin da aka yanke.

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi

A ce kwamitin bincike na wata makaranta ya kammala rahoto mai shafi 12, za a raba wa iyaye ta WhatsApp, kuma dole a cire sunan malamar da ta ba da shaida. Sakatare ne aka bar wa aikin.

Tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce: ainihin fayil ɗin Word da aka rubuta rahoton yana nan? Idan yana nan, to hanya mafi tsafta ba ta buƙatar baƙin akwati ko ɗaya. Sai ya yi kwafi, ya ajiye na asali a wuri dabam, ya bi kwafin ya goge sunan duk inda yake, ya rubuta "Shaida ta 1" a madadinsa. Kafin ya fitar, sai ya duba ko an kunna Track Changes, domin idan a kunne yake, sunan da ya goge yana nan a matsayin gyaran da ba a amince da shi ba tukuna. Ya danna Accept All Changes, ya share duk sharhin da 'yan kwamiti suka bari a gefe, sannan ya shiga File, Info, Check for Issues, ya zaɓi Inspect Document don ya cire sauran ɓoyayyun bayanai. Daga nan ne zai fitar da sabon PDF. Sunan da bai taɓa shiga fayil ba ba zai fito daga cikinsa ba. Ruhin shawarar da NSA ta bayar a 2005 ke nan: a goge, kada a rufe.

Idan kuwa PDF ɗin kawai ke hannunsa, sai ya nemi manhajar da ke da kayan aikin da aka yi don wannan, wanda sunansa a allo Redact. Yana cikin Adobe Acrobat Pro, amma ba ya cikin Acrobat Reader na kyauta, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauki kayan zane na Reader su ja akwati su zaci sun gama. Manhajar Preview ta kwamfutocin Mac ta samu shi tun 2020. LibreOffice, wadda kyauta ce, tana da shi a ƙarƙashin Tools tun 2019. Ita hanyarta ita ce ta mai da shafukan hoto a lokacin fitarwa, muddin an zaɓi Redacted Export ba fitarwar da aka saba ba.

A Acrobat aikin mataki biyu ne, kuma na biyun shi ne aikin. Da farko ana yi wa sunan alama, sai jan layi ya zagaye shi, idan an kai linzamin kwamfuta kansa ya koma baƙi. A wannan matsayi ba a cire komai ba, alama ce kawai. Sai an danna Apply ne manhajar ke cire haruffan. Wanda ya ajiye fayil ya tura kafin ya danna Apply ya aika sunan, ya kuma nuna wa mai karɓa daidai inda zai duba. Bayan Apply sai a amince da tayin da take yi na cire ɓoyayyun bayanai, ko a nemi Sanitize Document, sannan a ajiye da sabon suna.

Ajiyewa da sabon suna ba ƙa'idar ofis ba ce kawai. Tsarin PDF ya yarda manhaja ta ƙara gyara a ƙarshen fayil ba tare da ta taɓa tsohon abin da ke ciki ba, don ajiya ta yi sauri. Fayil ɗin da aka yi wa haka yana ɗauke da tsohon shafi da sabo, kuma wanda ya yanke ƙarin zai koma kan tsohon. Save As yakan sa a sake rubuta fayil ɗin daga farko, a zubar da abin da ba a amfani da shi.

Inda sunayenmu ke kuɓuce wa mai nema

Sakataren zai so ya sauƙaƙa wa kansa: ya rubuta sunan a akwatin nema, manhaja ta yi wa duk inda ta samu alama. Hakan yana taimakawa, amma ba a dogara da shi, musamman da sunayen Hausa. Suna ɗaya yakan zo da rubutu uku ko huɗu a takarda guda, domin 'yan kwamiti daban-daban ne suka rubuta sassanta. Wani ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Moh'd. Wani ya sa Ɗ mai lanƙwasa, wani ya sa D kawai, wani ya sa waƙafi a gaban harafin. A wurin kwamfuta waɗannan kalmomi ne mabambanta. Akwai kuma fayilolin da haruffa masu lanƙwasa suke fitowa daidai a ido amma a ciki an ajiye su da wata alama dabam, don haka nema ba zai same su ba ko an rubuta daidai. Haka sunan da ya rabu, rabi a ƙarshen layi rabi a farkon na gaba.

Saboda haka dole ya karanta shafuka 12 ɗin da idonsa, da fensir a hannu, har da wuraren da ido ke tsallakewa: saman shafi da ƙasansa, jerin mahalarta zama, ƙarƙashin hotuna, hatimi, da sa hannu. Sa hannu suna ne. Lambar waya da lambar ma'aikaci ma suna ne ga duk wanda ke da rajistar makarantar.

Idan wasu shafukan sikanin aka yi musu, akwai wani tarkon. Manhajojin sikanin da yawa, har na waya, suna karanta haruffan da ke hoton su shimfiɗa rubutun da ba a gani a kansa, don a iya neman kalma. Wannan shi ne OCR. Shafin ya zama hawa biyu ke nan, hoto da ɓoyayyen rubutu. Wanda ya shafe sunan a hoton ya bar shi a rubutun. Wanda ya ɗora akwati a kai ya bar duka biyun, domin ana iya zaro hoton cikakke daga fayil ɗin. Kayan Redact na gaske yana cin duka, amma sai an ja akwatin da hannu a kan hoton idan OCR bai karanta sunan daidai ba, abin da ke yawan faruwa da sunayenmu.

Sunan yana da wasu maɓoyan a wajen shafi

A Janairu 2021 Hukumar Tarayyar Turai ta wallafa yarjejeniyarta da kamfanin AstraZeneca kan rigakafin korona, an rufe sassa da yawa. A wannan karon ba daga ƙarƙashin baƙin abin ya fito ba. Jerin alamomin shafi da ke fitowa a gefen manhaja, wanda ake kira Bookmarks, shi ne ya riƙe wani ɓangare na rubutun da aka rufe. Fayil ɗin PDF yana da ɗakuna irin wannan da yawa: bayanin marubuci da taken takarda, sharhi, guraben cike fom, fayilolin da aka maƙala a ciki, da adireshin da ke bayan kalma mai mahaɗi. A rahoton makarantar, abu ne mai yiwuwa malamar ce ta fara buga shaidarta a kwamfutarta, aka gina rahoton a kan fayil ɗinta, don haka sunanta na zaune a gurbin Author. Sanitize Document aikinsa ke nan, share waɗannan ɗakuna. Sunan fayil ɗin kansa kuwa ba wata manhaja da za ta gyara. Sai sakatare ya lura kada ya tura abin da ke ɗauke da sunan malamar a goshinsa.

Gwajin da ba a tsallakewa

A ganina wannan ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi bari. Ganin baƙi a shafi ba shaida ba ce. Shaida ita ce mutum ya zauna a kujerar wanda ke neman sunan, ya yi ƙoƙarin fito da shi, ya kasa.

Sakataren ya rufe manhajar da ya yi aikin, ya buɗe sabon fayil ɗin a wata dabam, misali a burauzar intanet. Ya danna Ctrl+A, sannan Ctrl+C, ya buɗe Notepad ya danna Ctrl+V. Abin da ya zubo shi ne abin da kowa zai samu. Ya karanta shi, ya nemi sunan da kowane irin rubutunsa, da rabinsa ma. Idan yana jan linzami a kan baƙin akwatin ya ga wurin yana haskakawa kamar ana zaɓar haruffa, to akwai rubutu a ƙasa. Idan akwatin ya motsa ko ya zaɓu da aka danna shi, to ɗora shi aka yi. Wata alamar ita ce shafi ya buɗe a waya mai nauyi, sunan ya ɗan bayyana na ƙiftawar ido kafin baƙin ya sauko masa. Daga nan ya duba Properties ya ga marubuci da take, ya buɗe jerin alamomin shafi da na abubuwan da aka maƙala.

Wanda ya iya aiki da layin umarni yana da hanya mai sauri da kayan Poppler, waɗanda kyauta ne:

```
pdftotext rahoto.pdf - | grep -i "wane"
pdfinfo rahoto.pdf
pdfimages -all rahoto.pdf hoto
```

Na farko yana zaro rubutun shafukan ya nemi sunan, kuma abin da ake so shi ne kada ya dawo da komai. Na biyu yana nuna marubuci da take da manhajar da ta ƙirƙiri fayil ɗin. Na uku yana fito da hotunan da ke ciki yadda aka ajiye su, ba tare da abin da aka ɗora musu ba. Zai fi kyau wani mutum na biyu cikin 'yan kwamitin, wanda dama ya san sunan, ya maimaita gwajin, domin wanda ya yi aiki idonsa ya riga ya saba da shafin.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji yana iya komawa ga takarda: ya buga rahoton, ya yanke sunan da reza ko ya liƙa masa baƙar takarda mai kauri, ya yi fotokwafi, sannan ya yi sikanin fotokwafin. Maka kaɗai ba ta isa ba, domin tawadar firinta tana ƙyalli dabam da tata, kuma ƙara hasken hoto kan fito da haruffan. Haka alƙalamin zane na waya, wanda sau da yawa yana da ɗan shara-shara ko an bi sau uku. Dusashe suna ko mai da shi 'yan murabba'ai ma ba abin dogaro ba ne, an sha nuna cewa ana iya dawo da rubutun da aka yi wa haka. Kuma a yi tunani kafin a kai irin wannan takarda shagon buga takardu na kasuwa, ko a loda ta a shafukan intanet masu gyara PDF kyauta: a duka biyun cikakken rahoton, da sunan a ciki, ya shiga hannun da ba a sani ba tun kafin a fara aikin.

Abin da faɗin akwati ke faɗa

Ko an cire haruffan tsaf, akwatin kansa yana magana. A 2004 wasu masana lissafin sirri biyu, David Naccache da Claire Whelan, suka ɗauki wata takardar bayanan sirri ta 6 ga Agusta 2001 da Fadar White House ta fitar da ita da wasu kalmomi a rufe. Suka auna faɗin gurbi guda, suka gwada kalmomin ƙamus da irin haruffan takardar, suka tace da nahawu da ma'anar jimlar, suka nuna cewa kalmar da ta dace ita ce ta ƙasar Masar. A yawancin haruffan bugu kowane harafi da faɗinsa, m ya fi i faɗi, don haka kowane suna yana da awonsa. A 2022 masu bincike a Jami'ar Illinois suka nuna cewa 'yan ƙananan tazarar da Word ke sakawa tsakanin haruffan da suka rage a layin ma suna taimakawa wajen gano sunan da aka cire.

Ga rahoton makarantar wannan ba labarin nesa ba ne. Masana suna tace dubban kalmomi, amma uban da ke son sanin wadda ta yi magana malamai mata shida ko bakwai kawai zai gwada, kuma ya san sunayensu. Akwati gajere ya fitar da masu dogon suna. Maganin shi ne a sa akwatin ya fi sunan faɗi, ya haɗa da kalmar da ke gabansa da ta bayansa, ko a cire layin gaba ɗaya. A nan ma hanyar "Shaida ta 1" ta fi, domin ba ta bar gurbin da za a auna ba.

Tsarin jeri ma yana tona asiri. A Oktoba 2020, da aka fitar da shaidar da Ghislaine Maxwell ta bayar a wata shari'a, an cire sunaye da kyau, amma aka bar fihirisar kalmomi a ƙarshe, wadda ke jere bisa haruffa tare da lambar shafi da layin da kowace kalma ta fito. 'Yan jaridar Slate suka bi matsayin kowane baƙin gurbi a jerin suka gano sunaye da dama. Jerin mahalarta da aka tsara daga A zuwa Z, ko bisa girman muƙami, haka zai yi wa malamar: gurbin da ke tsakanin sunaye biyu sanannu ya riga ya faɗi harafin farko. Irin wannan jeri sai a cire shi duka.

Sai kuma jimlolin da ke kewaye da sunan. Idan rahoton ya ce mai shaidar ita ce ke koyar da lissafi a aji uku kuma ta dawo daga hutun haihuwa a zangon da ya wuce, to cire sunanta bai ɓoye ta ga kowa a garin ba. Sakataren ya sake karanta kowane sakin layi da ta fito yana tambayar kansa ko maƙwabcinta zai gane ta. Inda amsar ta zama e, bayanin ma sai ya fita, kuma wannan hukunci ne da ya kamata ya koma wa shugaban kwamiti da ita malamar kafin a tura fayil ɗin ga ko mutum ɗaya.